Taya da Albarka a Tsakar Gida

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san cewa kuɗin da mai kaya ya fara faɗa ba shi ne kuɗin ba. Zai sa suna, ke kuma ki taya ƙasa sosai, ya ce albarka. Ki ƙara kaɗan, ya rantse ko shi ba a haka ya saro ba. Ki ajiye turmin, ki gyara mayafi, ki juya kamar za ki tafi, taku uku sai ki ji murya daga baya: "Hajiya, dawo, kawo kuɗin." A wannan ɗan lokacin kowannenku ya ɗauki darasi. Ke kin gane cewa albarkarsa ta farko da ta biyu ba su da nauyi, juya baya ne ke karya shi. Shi kuma ya gane cewa sallamawa ita ce ke kawo ƙarshen ja-in-ja. Ranar da kika sake zuwa, ba za ki ɓata lokaci ba, da wuri za ki juya.

A kasuwa wannan ba laifi ba ne, haka ake cinikin. Matsalar tana farawa ne ranar da wannan tsari ya shigo tsakar gida, ya zauna tsakanin uwa da ɗanta.

Mu ƙaddara wani yaro mai shekara shida, mu kira shi Sani. Magariba ta kusa, yana kwance a tabarma da wayar yayarsa a hannu. Uwarsa tana bakin murhu, ta ɗaga murya: "Sani, tashi ka yi wanka." Shiru. Ta sake faɗa, ya ce yana zuwa. A karo na huɗu muryarta ta canza, ta haɗa da cewa za ta karya shi yau. Ya wurgar da wayar, ya faɗi ƙasa yana birgima, yana cewa shi kaɗai aka tsana a gidan nan. Miya tana neman ƙonewa, jaririya ta farka, maƙwabta suna ji. Ta ce: "To yi shiru, bar shi sai anjima." Nan take kukan ya tsaya. Ta taya, ya ce albarka, ya juya baya, ta kira shi ta sallama.

Mutumin da ya fara zayyana wannan abu dalla-dalla shi ne Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan Adam a garin Eugene na jihar Oregon a Amurka. Tun daga shekarun 1960 shi da abokan aikinsa suka riƙa tura mutane cikin gidaje, su zauna a gefe suna rubuta abin da kowa ya faɗa da abin da ya biyo bayansa, ɗaya bayan ɗaya. A littafinsa na 1982 ya bayyana abin da suka gani a matsayin zagayen tilasta juna. Yaro ya yi ihu, umarni ya faɗi, don haka ihu ya biya shi. Uwa ta janye, ihu ya tsaya, don haka janyewa ta biya ta. Wata rana kuma abin ya kife: ita ce za ta ƙara tsawa har ta kai ga mari, yaro ya tashi, sai ta koyi cewa ba ya ji sai da duka, shi kuma ya koyi cewa a gidan nan wanda ya fi ɗaga murya shi ke da nasara. Abin da ya fi taɓa ni a binciken nan shi ne babu mugu a cikinsa. Mutane biyu ne masu ƙaunar juna, kowannensu yana neman sauƙin minti biyar, suna koya wa juna faɗa sau da yawa a kowace rana har ya zama jiki.

Ba kowane yaro mai gardama ke da larura ba. Ɗan shekara biyu ko uku da ke cewa a'a a kan komai yana kan hanyar girmansa ne, kuma ko yaran da ba su da wata matsala ba sa bin kowane umarni. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira larurar bijirewa da taurin kai yana da iyaka sananniya. A littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar da ya fito a 2013, an jera alamomi 8, wasu na saurin fushi da jin haushi, wasu na gardama da manya, ƙin bin doka, tsokana da gangan da ɗora wa wasu laifi, sai kuma riƙo da ramuwa. Sai yaro ya haɗa aƙalla 4 daga ciki, sun ɗauki wata 6, suna bayyana da wani wanda ba ɗan'uwansa ba, kuma suna cutar da zamansa a gida ko a makaranta, sannan a ba abin wannan suna. Maganin da ya fi ƙarfin hujja ga ƙananan yara ba ƙwaya ba ce, ba kuma zaunar da yaro a yi masa nasiha ba. Iyaye ake horarwa. Wasu iyayen suna jin wannan kamar an ce su ne masu laifi. Ba haka ba ne. Yaro na iya zuwa duniya da zafin rai da wuyar lallashi, wannan ba wanda ya sa masa. Amma a ciniki tsakanin babba da ɗan shekara shida, babban ne kaɗai zai iya yanke shawarar canza yadda ake yi.

Uwar Sani, da za ta je wurin mai wannan horo, za ta shiga ne da tambaya ɗaya: wane hukunci zai ji a jikinsa? Sai a ce mata a ajiye maganar hukunci tukuna, na makonni. Wannan jeri na mataki biyu, dangantaka da farko, ladabtarwa daga baya, ya samo asali ne daga Constance Hanf, wadda ta yi aiki a makarantar koyon likitanci ta Oregon, kuma manyan masanan fannin da dama, irin su Sheila Eyberg da Rex Forehand da Russell Barkley, a kan tsarinta suka gina nasu.

Dalilin yana nan a kowace unguwa. Akwai mai shagon da ba ya ɗaga kai ya dube ka sai ranar da yake bin ka bashi. Akwai kuma wanda zai gaishe ka ko ba ka sayi komai ba, ya tambayi mai jiki, in ka sayi gyaɗa ya yi maka gyara. Ranar da na biyun ya ce yau babu bashi, za ka haƙura, gobe ka dawo. In na farkon ne ya faɗa, zuciyarka za ta ce dama. Yaro irin Sani ya daɗe yana zaune da mai shago na farko. In yana wasansa lafiya, ba mai kula shi, domin uwar tana tsoron kada ta yi magana ta tayar da fitina, tana kuma son ta huta. In ya mintsini ƙanwarsa, nan da nan ta iso, da idonta da muryarta da dukan hankalinta. Kulawar uwa ita ce abu mafi tsada a wurin yaro, kuma a gidan nan da rashin ji kaɗai ake sayenta.

Aikin farko da za a ba ta ƙarami ne har ta raina shi: minti 5 a kowace rana, ita da shi kaɗai, a ƙasa, da abin wasan da ba ya jawo kokawa, kamar marafan kwalba, gwangwanaye, ko takarda da fensir mai launi. A cikin mintunan nan shi ne jagora. Ba za ta ba da umarni ba, ba za ta yi gyara ba, ba za ta yi tambaya ba. Hana tambayar shi ne ya fi ba iyaye wuya, domin mun saba wasa da yaro ya zama jarrabawa: wannan wace kala ce, nawa ne nan, me kake ginawa? Kowace tambaya tana ƙwace jagorancin daga hannunsa. Maimakon haka za ta faɗi abin da take gani: "Ka ɗora jan murfi a kan shuɗi." In ya ce mota ce, ta maimaita: "Mota ce ka haɗa, mai taya huɗu." Ta kwaikwayi abin da yake yi. Ta yabe shi. A tsarin Eyberg, wanda aka yi wa yara 'yan shekara 2 zuwa 7, mai horarwa yana bayan gilashin da yake ganinsu ba sa ganinsa, yana yi wa uwar magana ta wata 'yar na'ura a kunnenta, kuma ba a wuce wannan mataki sai ta iya yin yabo 10, maimaitawa 10 da bayyana aiki 10 a cikin minti biyar, ba tare da tambaya da umarni da suka sun wuce 3 ba. Mutum zai ce wannan lissafi ya yi yawa, amma amfaninsa shi ne yana nuna wa uwa abin da bakinta ya saba furtawa ba ta sani ba.

Yabon ma yana da yadda ake yinsa. "Yaron kirki" ba ya gaya wa Sani me ya yi. "Na ji daɗi da ka ba ƙanwarka murfi ɗaya" yana gaya masa daidai abin da zai maimaita. Ana faɗarsa nan take, ba bayan isha ba. Kuma ba a ɗaura masa wutsiya. "Madalla da ka kwashe takalman, da kullum haka kake yi da ba mu huta ba" ba yabo ba ne, gori ne, kuma yaro rabin ƙarshen zai riƙe. Tamkar mai awo ne ya yi maka gyara, sannan ya sa hannu ya kwashe fiye da abin da ya ƙara.

Na san abin da ke tsaya wa mutanenmu a nan. Mun taso a gidajen da ake kunyar yabon ɗa a gaban idonsa, musamman ɗan fari, wanda wata uwar ko sunansa ba ta faɗa. Ana tsoron kansa ya kumbura, ana tsoron bakin mutane. Ban ga dalilin yaƙi da kunya ba, domin ba a ce a tara jama'a a yi wa yaro kirari ba. Harshenmu yana da abin da ake buƙata tun asali: yawwa, madalla, sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da sunan aikin, a faɗa a hankali, tsakaninki da shi: "Allah ya yi maka albarka, kira ɗaya na yi ka zo." Uwar da ba za ta iya kallon ɗan farinta ta yabe shi ba za ta iya faɗin haka tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, kuma zai ji.

Tare da yabon akwai kau da kai. Ƙananan abubuwa irin su zumɓura baki, ƙunƙuni, kukan banza da buga ƙafa, ana juya musu baya gaba ɗaya: ba kallo, ba harara, ba "ka gama?" Da zarar ya daina, sai a juyo da fara'a a kan abu na farko mai kyau da ya yi. Duka, jifa, cizo da ɓarna ba sa cikin abin da ake kau wa kai.

Sai umarni. A nan ma gidanmu ya riga ya san darasin, ba ya dai amfani da shi ne. Dubi yadda uwa ke aiken yaro shago in tana son kada a yi asarar kuɗinta. Za ta kira shi ya zo gabanta, ta danƙa masa kuɗi a hannu, ta ce: "Ashana ɗaya, wurin Malam na bakin masallaci." Wani lokaci har ta sa ya maimaita. Ba za ta tsaya daga cikin ɗaki ta ce "ko za ka je ka ɗan samo mana abin da ya kamata" ba. Amma in maganar hali ce, haka muke yi. Forehand da Robert McMahon, a littafinsu na 1981, sun ware umarnin da yaro zai iya bi daga wanda ba zai iya ba ko yana so, kuma kowane irin na biyun muna da shi. Akwai mai duhu: "Ka natsu," "Ka yi hankali," wanda ɗan shekara shida bai san da wace gaɓa zai yi shi ba. Akwai jerin gwano: tashi ka yi wanka ka sa kaya ka kwashe kwanuka ka kira yayarka. Akwai mai siffar tambaya: "Ba za ka tashi ba?" wanda amsarsa ta halal ita ce a'a. Akwai "mu tashi mu share," alhali shi kaɗai ake nufi. Akwai kuma wanda aka binne a ƙarƙashin dogon bayani, har yaro ya manta da me aka fara.

Gyaran shi ne uwar Sani ta rage wuta, ta tako zuwa tabarmar, ta kira sunansa har ya dube ta. In akwai dalili, ta faɗe shi kafin umarnin, a taƙaice: "Magariba ta kusa. Miƙo mini wayar." Abu ɗaya, da murya irin ta kullum, kuma abin da zai yi, ba abin da zai bari ba. "Daina gudu" yana barin yaro da zaɓi goma, "zo ka zauna a nan" yana barinsa da ɗaya. Daga nan sai ta yi shiru, ta ƙirga daƙiƙa 5 a zuciyarta. Shirun nan shi ne wurin da yawancinmu ke faɗuwa. Kowace maimaitawa ragi ce. Uwar da ke faɗa sau bakwai kafin ta tashi ta sanar da ɗanta cewa shida na farko kyauta ne. In ya miƙo wayar a cikin daƙiƙa biyar ɗin, ko da fuska a murtuke, ya bi umarni, sai yabo. Ba a hukunta fuska.

Akwai sharaɗin da ake yawan mantawa: a rage yawan umarnin. Kada ki faɗi abin da ba ki da lokaci ko ƙarfin bin bayansa. In miya na kan wuta, jaririya na kuka, gara ki jinkirta maganar wanka da minti goma da ki faɗe ta ki bar ta ta faɗi ƙasa.

In bai miƙo ba fa? A nan ne hukunci ke shigowa, kuma abin da ake nema a gare shi shi ne abin da ake nema a mudun mai awo. Ba wanda ke son mudu don girmansa. Ana son wanda yake yau kamar jiya, ko mai awon yana cikin fara'a ko ya yi faɗa da matarsa. Hukuncin yawancin gidaje ba shi da wannan. Laifi ɗaya, ranar Litinin a yi dariya, ranar Laraba a yi tsaki, ranar Juma'a a ɗauko bulala saboda uban ya dawo a gajiye. Yaro ba ya koyon doka daga wannan, yanayin fuskar manya yake koyon karantawa.

Jerin da ake koyarwa gajere ne. Bayan daƙiƙa biyar, gargaɗi ɗaya: "In ba ka miƙo wayar ba, za ka zauna a kujera." Wasu daƙiƙa biyar. In ya miƙo, a yabe shi. In bai miƙo ba, ta kama hannunsa ba tare da fizga ba, ta kai shi wurin da aka riga aka ware, kujera ko 'yar tabarma a gefen da ba abin kallo, inda idonta ke kaiwa. Ba ɗaki mai duhu ba, ba banɗaki ba, ba rana ba, domin ba tsoratarwa ake nufi ba, ɗauke kulawa ake nufi na ɗan lokaci. Ta ce jimla ɗaya: "Ba ka yi abin da na ce ba, zauna nan sai na ce ka tashi." A tsarin Eyberg zaman minti 3 ne, da sharaɗin a ƙarshensa ya yi shiru na daƙiƙa biyar, don kada ya ɗauka ihunsa ne ya sake shi. Sai abin da ya fi komai muhimmanci: a koma kan umarnin farko. "Ka shirya miƙo wayar?" In ya ce a'a, zaman ya sake. In aka tsallake wannan, kujera ta zama hanyar kuɓuta, yaro ya sayi hutun wanka da zaman minti uku, kuma araha ce. Duk wannan ana bayyana masa shi tun da rana, lokacin da kowa ke cikin daɗin rai, har a gwada da 'yar tsana, kuma ana farawa da umarni masu sauƙi a lokacin wasa kafin a kai ga wanka da barci.

Ranar farko ba ta da daɗi, kuma duk mai horarwa na gaskiya zai faɗa tun kafin a fara. Wanda ya saba juya baya a kira shi, ranar da aka ƙi kiransa ba haƙura zai yi ba. Zai dawo ya ɗaga murya, ya ce shekara nawa yana ciniki a nan, ya yi rantsuwa ba zai sake zuwa ba. Haka Sani zai yi. Zai sauko daga kujerar sau takwas, a mayar da shi sau takwas ba tare da magana ba. Zai ce ba ya son Ummansa, zai ce fitsari yake ji, zai yi kukan da ba a taɓa ji ba. Zaman minti uku zai iya cin minti arba'in. Wannan tsanantar ta farko ba alamar hanyar ta gaza ba ce, alama ce yaro ya lura an canza tsari yana gwada ko da gaske ne. Haɗarin shi ne uwa ta jure minti talatin sannan ta sallama. Ta koya masa ke nan cewa sabon farashi minti talatin ne, kuma halin da ake biya wani lokaci a hana wani lokaci ya fi kowane wuyar mutuwa, kamar famfon unguwa da ke kawo ruwa sa'ad da ya ga dama: ba a daina zuwa murɗa shi.

A gidanmu kuma ba uwa ce kaɗai mai shago ba. Ana cikin minti na ashirin sai Hajiya, kakarsa, ta fito daga ɗakinta: "Wa ya taɓa mini maigida? Zo nan, rabu da su." Ta goya shi, ta ba shi alewa. Wasan kaka da jika abu ne mai kyau, ba na son a kashe shi. Amma surukar da ba za ta iya musu da uwar mijinta ba tana buƙatar mijin ya riga ya shiga ya zauna da mahaifiyarsa tun kafin ranar farko: "Hajiya, muna roƙon alfarma. In kin ji kukansa a kujerar nan, ki ba mu minti kaɗan. In ya tashi ya yi abin da aka ce, ke ce za ki fara sa masa albarka." Kakar da aka ba matsayi a cikin tsari ta fi taimako a kan wadda aka ɓoye wa. Haka uban da kansa: in ya dawo ya rushe abin da uwa ta kafa, ko ya ƙara duka a kan zaman kujera, mudu ya zama biyu a gida ɗaya.

Game da bulala, ba sai na yi dogon wa'azi ba. Tana tsayar da hali a wannan minti, shi ya sa ake yarda da ita. Amma ita ce ainihin zagayen da Patterson ya gani, babba yana cin nasara da ƙarfi. Tana bin zafin zuciyar mai dukan, ba girman laifin ba, ba a iya yinta a kan kowane ƙin bin umarni, kuma yaro mai taurin kai yana sabawa da ita har sai an ƙara.

Yadda za a san ko ana ci gaba shi ne takarda, ba zuciya ba, domin uwar da ta gaji ranar da ta fi muni kaɗai take tunawa. A bayan kalanda ta riƙa jan layi: umarni nawa ta ba da tsakanin la'asar da isha, nawa aka bi a kira ɗaya, zama nawa aka yi, kowanne minti nawa. In bayan mako biyu ko uku zaman kujera ba ya raguwa, kusan kullum amsar tana ɗaya daga wurare kaɗan. Ko dai an daina wasan minti biyar, saboda haka babu wani daɗi da ake ɗauke yaro daga cikinsa, kujera da tsakar gida duk ɗaya ne a wurinsa. Ko ana yi masa magana yana kan kujera, ko yayye suna tsokanarsa, ya samu 'yan kallo. Ko gargaɗi ya koma uku. Ko kuwa umarnin ya fi ƙarfin shekarunsa.

Akwai kuma inda matsalar ba ta ciniki ba ce sam. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa ko ya toshe ba ƙin ji yake yi ba, ba ya ji ne. Yaron da maganarsa ta yi jinkiri ba lalle ya fahimci umarnin ba. Da yawa daga masu larurar bijirewa suna tare da larurar rashin natsuwa da ƙiriniya mai tsanani, wadda ke buƙatar likita ya duba ta daban. Yaron da halinsa ya juye farat ɗaya, a binciki abin da ya same shi a makaranta ko a unguwa kafin a kawo kujera. Uwar da ke fama da ciwon damuwa, ko gidan da ake dukan uwar kanta, ba za a ɗora musu wannan aiki a ce su yi su kaɗai ba. Ga wanda ya wuce shekara takwas ko tara, kujera tana rage amfani, sai a koma ga maki da ake tarawa a kan ayyuka sanannu da kuma janye gata na ɗan lokaci, kamar ƙwallon yammacin yau, ba na wata guda ba. Horon kansa yakan ɗauki wata uku ko fiye, zama ɗaya a mako, kuma iyaye da dama suna yankewa a hanya. Ba kowane yaro ke warwarewa ba, ko an yi komai daidai.

Kwatancen kasuwa ma yana da inda ya tsaya. Mai saye in an ƙi yi masa ragi yana da shago na gaba. Sani ba shi da wata uwa. Saboda haka ba kowace magana ce za ta zama mai farashi ɗaya ba. Wace riga zai sa, wanka kafin cin abinci ko bayansa, labari ɗaya ko biyu kafin barci, waɗannan a bar shi ya taya, a ma sallama masa da fara'a, domin yaron da ke da bakin gardama yana buƙatar wurin da zai yi amfani da shi. Abin da ake cirewa daga ciniki kaɗan ne, kuma yaro ya san su tun kafin a zo wurin.

A mako na shida, in abubuwa sun tafi yadda suka saba tafiya, yammacin gidan su Sani ba zai zama shiru ba. Uwar ta rage wuta, ta tako, ta ce magariba ta kusa, ya miƙo wayar. Ya dube ta, ya dubi kujerar da ke jikin bango, wadda rabon da ya hau ta kwana huɗu. A daƙiƙa ta huɗu ya miƙo, yana ƙunƙunin cewa kullum shi. Ta karɓa, ba ta tanka ƙunƙunin ba, ta ce: "Yawwa, madalla da ka ba ni a kira ɗaya." Ta jira ya miƙe tsaye, sannan ta ce ya ɗauko bokiti. Daga cikin ɗaki Hajiya ta ɗaga labule tana tambaya ko maigidan nata ya tafi wankan.